Tsarin Karatu na Musamman ga Ɗalibi Mai Disleksiya: Buri, Sassauci da Ranakun Bita

Takardun da makarantu ke rubutawa domin yaron da karatu ke ba shi wahala, da yawansu suna da jimla guda da ke maimaita kanta: “Ɗalibin zai inganta karatunsa kafin ƙarshen zango.” Malami ya sa hannu, iyaye su sa hannu, a jefa takardar cikin fayil. Zango ya ƙare, a tambayi malami ko an samu ci gaba, ya ce ai da ɗan sauƙi. Uwa kuma ta ce ita dai a gida ba ta ga wani canji ba. Babu mai iya ƙaryata wani a cikinsu, domin tun farko ba a rubuta abin da za a auna ba. Ni a wurina nan ne bambancin tsari mai aiki da takardar cika sharaɗi yake: tsari mai aiki, idan ya gaza, shi da kansa zai tona asirin gazawarsa tun da sauran lokacin gyara.

Kafin a shiga cikin tsarin, ya kamata a san inda matsalar take, domin wanda bai san ciwo ba ba ya haɗa magani. Disleksiya matsala ce ta haɗa sautin magana da harafin da ke wakiltarsa. Yaro na iya zama mai kaifin basira da daɗin baki, amma idan aka ce ya raba kalmar “gado” zuwa sautukanta, ko ya cire sautin farko ya faɗi abin da ya rage, sai ya tsaya cak, alhali sa'o'insa nan take za su ce “ado”. Wanda ba ya jin sautukan cikin kalma daki-daki zai sha wahalar gane dalilin da ya sa aka jera haruffa yadda aka jera su. Sai ya koma haddar siffar kalma da cinke, karatunsa ya zama a hankali, cike da tuntuɓe, rubutunsa kuma ya fi karatun muni. Tun a 1896 wani likita ɗan Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa karatu, alhali malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu kamarsa a makarantar. A lokacin an ɗauka abin ya shafi gani. Binciken baya ya nuna tushensa a sarrafa sautin harshe yake, har a 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa atisayen ido da tabarau masu launi ba sa maganin disleksiya. Duk da haka, a fara da duba idon yaro da kunnensa, domin wanda ba ya ganin allo sosai ko ba ya ji da kyau shi ma zai yi tuntuɓe a karatu, kuma nasa maganin daban ne.

Domin magana ta zauna, a ƙaddara wata yarinya 'yar shekara 9 a aji huɗu na firamare. Misali ce, alƙaluman da zan kawo a kanta na gwaji ne, amma yadda ake lissafin haka yake a zahiri.

Abu na farko da za a rubuta a tsarinta shi ne inda take a yau, da lamba. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Stanley Deno da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Minnesota daga ƙarshen shekarun 1970. A ba yarinya rubutun da ba ta taɓa gani ba, ta karanta a bayyane na minti ɗaya, malami na riƙe da kwafinsa yana ja wa kowace kalma da ta kuskure layi. Kalmar da ta tsallake kuskure ce, haka wadda ta musanya da wata. Idan ta maƙale ta kai daƙiƙa 3, a faɗa mata kalmar, a ƙirga ta cikin kurakurai, ta ci gaba. Idan ta gyara da kanta nan take, ba a ƙirgawa. Minti na cika, a cire kurakurai daga adadin kalmomin da ta kai. Ana yin haka da rubutu uku daban-daban, sannan a ɗauki sakamako na tsakiya, saboda wani rubutun kan faɗo a kan abin da yaro ya sani ya yi masa sauƙi, wani kuma ya zo da nauyi.

Yarinyarmu, a littafin ajinta, ta kai kalma 41 da kuskure 9. Wato kalma 32 daidai a minti, kuma kashi 78 cikin ɗari ne kawai ta karanta daidai. Wannan lamba ta biyu ta fi ta farko magana. Malaman karatu sun daɗe suna aiki da ma'aunin cewa idan yaro ya gaza kashi 90, rubutun ya fi ƙarfinsa. Yana kuskure kalma ɗaya ko fiye a kowane goma, ma'ana kuma ta kuɓuce masa. Saboda haka sai a gwada ta da rubutun aji uku, aji ɗaya ƙasa da nata. A can sakamakonta na tsakiya ya zama kalma 42 da kuskure 4, wato 38 daidai a minti, kusan kashi 90. A wannan mataki za a riƙa auna ta, domin a nan ne ƙaramin ci gaba zai iya bayyana.

Sai gwaji na biyu, wanda mutane da yawa ke yi wa kallon wasa: kalmomin da ba su da ma'ana. A rubuta mata irin su “nirza”, “tsimfo”, “ƙwalbu”, guda 20. Ba ta taɓa ganin su ba, ba ta da damar hadda ko cinke, dole sai ta bi haruffa ɗaya bayan ɗaya ta haɗa. Ta samu 6. Amma abin da malami mai lura zai rubuta ya wuce wannan lamba. Zai ga cewa buɗaɗɗiyar gaɓa, baƙi da wasali irin “ta” da “mu”, ba ta ba ta wahala. Inda take faɗuwa shi ne rufaffiyar gaɓa: ta ga “nirza” ta ce “niza”, baƙin tsakiya ya ɓace. Tagwayen baƙaƙe irin “ts” da “ƙw” tana raba su gida biyu. A shifta kuma tana rubuta “baba” a maimakon “babba”, “kafa” a maimakon “ƙafa”. Wannan bayani shi ne jadawalin darasinta na watanni uku masu zuwa.

Gwaji na uku shi ne wanda ke faranta ran iyaye. A karanta mata labari da baki, a yi mata tambaya 10, ta amsa 9. A ba ta labari mai nauyi iri ɗaya ta karanta da kanta, ta amsa 4. A 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu, iya fitar da kalma daga haruffa da kuma fahimtar harshe, idan ɗaya ta karye ɗayar ba ta isa ta ɗauki nauyin ba. Ƙafar fahimtar yarinyar nan lafiya lau take. Tazarar da ke tsakanin 9 da 4 ita ce hujjar duk wani sassauci da za a yi mata. Akwai kuma gargaɗi a nan: da a ce sauraron ma 4 ta samu, sai a binciki ko harshen da ake koyarwa da shi ne ba ta ƙware ba, ko akwai matsalar fahimtar magana, domin koyar da sauti da harafi kaɗai ba zai wadatar da irin wannan yaro ba.

Yanzu an samu abin da za a ɗora buri a kai. Buri mai amfani yana faɗin me za ta yi, a kan wane irin rubutu, zuwa wace lamba, kuma zuwa wace rana. Na farko: nan da mako 12, idan aka ba ta sabbin kalmomi marasa ma'ana 20 masu rufaffiyar gaɓa da tagwayen baƙaƙe, za ta karanta 16 daidai, a gwaji biyu a jere. Na biyu: nan da mako 12, a rubutun aji uku da ba ta taɓa gani ba, za ta karanta kalma 50 daidai a minti, kuma daidaitonta ya kai kashi 95. Na uku ya shafi rubutu: a shifta ta kalma 20 da aka zaɓo daga ƙa'idojin da aka riga aka koya mata, za ta tashi daga 7 zuwa 14.

Daga ina 50 ta fito? Daga 38 aka ƙara kalma ɗaya a kowane mako na mako 12. Ga yaro mai wannan shekaru da ke samun koyarwa ta musamman, ƙarin kalma ɗaya zuwa ɗaya da rabi a mako buri ne da hankali zai ɗauka. Idan aka rubuta 41, za a cimma shi ko da ba a yi komai ba, kowa ya yi murna, yarinyar kuma tana nan inda take. Idan aka rubuta 80, za ta gaza, ta ƙara yarda cewa ita ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Dubi kuma yadda aka ɗaure sauri da daidaito a buri guda. Yaron da aka ce masa sauri kawai ake so zai koyi gudu a kan kalmomi yana cinke, lambarsa ta hau, karatunsa ya lalace.

Buri uku sun isa. Na sha ganin tsari mai buri takwas ko goma, har da gyaran rubutun hannu da natsuwa a aji da son karatu. Malami ɗaya ba zai iya bibiyar wannan duka ba, ƙarshenta ba a bibiyi ko ɗaya ba. Batun cewa buri bai kamata ya zama ɗan mitsitsi ba ma ya kai gaban shari'a: a 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa tsarin da ke ba yaro ci gaba na jeka-na-yi-ka bai cika sharaɗin doka ba, dole a tsara shi yadda yaron zai ci gaba gwargwadon halin da yake ciki.

Ƙarƙashin kowane buri sai a rubuta koyarwar da za ta kai gare shi, domin buri ba ya cika kansa. Ga yarinyarmu: minti 30, sau 4 a mako, cikin rukunin da bai wuce yara uku ba, tare da sunan wanda zai koyar da wurin da za a zauna. Darasin yana da tsari guda kullum. A fara da bitar katunan haruffan da ta sani, ta ga harafi ta faɗi sautinsa. A koya mata sabon abu guda ɗaya tak, a ce rufaffiyar gaɓa mai ƙarewa da “r”, tana tura ƙwayar lissafi ɗaya gaba ga kowane sauti: g, i, r, m, a, ƙwaya biyar, sannan ta ja yatsa a ƙarƙashinsu ta ce “girma”. Idan ta tura huɗu, ita da kanta za ta ga akwai sautin da ta haɗiye. Daga nan ta rubuta kalmomin da ta karanta, tana furta sautin yayin da take rubutawa. A rufe da gajeren rubutu wanda kusan duk kalmominsa sun ƙunshi abin da aka riga aka koya. Ba a matsawa gaba sai na baya ya zauna. Wannan salo na bi da bi, a fili, ba tare da barin yaro ya gano ƙa'ida da kansa ba, ya samo asali daga aikin likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham a shekarun 1930. Darasi gajere mai yawan maimaituwa ya fi dogon zama sau ɗaya a mako, domin abin da irin wannan yaro ya koya ranar Litinin yakan dusashe kafin wata Litinin idan ba a taɓa shi ba.

Sassauci kuma wani abu ne daban, kuma nan ne aka fi samun ruɗani. Koyarwa ta musamman tana gyara karatun ne a hankali, cikin watanni da shekaru. Amma darasin lissafi da kimiyya ba za su jira ta ba. Sassauci shi ne hanyar da za ta bi ta samu ilimin ajinta yau, kafin karatun ya ƙarfafa. Tsarin da ya ƙunshi sassauci kaɗai zai fitar da yarinyar da ke cin jarrabawa amma ba ta iya karatu ba. Wanda ya ƙunshi koyarwa kaɗai zai fitar da yarinyar da ta iya karatu a makare, bayan an bar ta a baya a kowane darasi.

Kowane sassauci ya kamata ya fito daga wani abu da aka gani a gwaji. Tunda tana fahimtar abin da ta ji, a karanta mata tambayoyin lissafi da na kimiyya, ko mutum ya karanta ko na'ura mai karanta rubutu. Tambayar kuwa ita ce dai wadda aka ba kowa, da nauyinta, ba a rage mata komai ba. Da zarar an sauƙaƙa tambayar, an bar sassauci an shiga rage darasi, kuma yarinyar da ta amsa 9 cikin 10 ba ta bukatar a rage mata. Iyakar wannan sassauci a fili take: idan karatun kansa ake aunawa, ba a karanta mata, domin sakamakon zai zama na mai karantawar.

Ƙarin lokaci shi ne sassaucin da kowa ya sani. A jarrabawar ƙasa a Ingila ƙarin kashi 25 cikin ɗari shi ne aka fi bayarwa, wato gwajin minti 40 ya koma 50. Yana taimakon yaron da ke karantawa daidai amma a hankali. Ga wadda ke kuskure kalma ɗaya cikin biyar a littafin ajinta, minti goma na ƙari minti goma ne na ƙarin zama a gaban takardar da ba ta karantuwa. Don haka a wurinta karanta mata tambaya ya riga ƙarin lokaci, kuma hanyar tabbatarwa ba ta da wuya: a yi mata gwaji biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya da sassaucin, ɗaya babu, a kwatanta. Sassaucin da bai canza komai ba a cire shi.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa cin ko sisi amma suna sauya ranar yaro gaba ɗaya. Kwafe rubutu daga allo na ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya tsaya a bayan irin wannan yarinya zai ga yadda take yi: ta ɗaga kai ta ɗauki harafi biyu, ta sunkuya ta rubuta, ta sake ɗagowa ta rasa inda ta tsaya, ta bi layi da ido tun daga farko. Kafin ta gama layi na uku an goge allo, ba ta kuma ji ko kalma ɗaya daga bayanin malami ba. A ba ta kwafin darasin a takarda, ta riƙa ja wa muhimman kalmomi layi tana sauraro. Haka kuma kada a tashe ta karatu a gaban aji ba shiri. Idan ana so ta karanta, a ba ta sakin layin tun jiya ta gwada. A rubutun kimiyya a ba ta makin abin da ta sani, a gyara mata kalma uku kacal daga cikin ƙa'idojin da aka koya mata, maimakon a cika shafin da jan biro. Aikin gida kuma a ƙayyade shi da lokaci: minti 20, inda ta tsaya babban gida ya ja layi ya sa hannu. Aikin da ke ɗaukar sa'o'inta minti goma sha biyar yana iya cinye mata fiye da awa guda, ya ƙare da kuka.

A tambaye ta ita ma. Wata yarinyar ta gwammace ta faɗi jarrabawa da a zo a tsaya a kanta ana karanta mata a gaban ƙawayenta. Idan haka ne, a karanta wa aji duka tambayoyin, ko a zaunar da ita tare da wasu biyu a gefe. Sassaucin da yaro ke jin kunyarsa zai ƙi amfani da shi, a takarda kuma a ci gaba da cewa ana ba shi. Sannan kowane malami da ke shiga ajin ya samu shafi guda mai ɗauke da waɗannan abubuwa, da sunan wanda alhakin kowanne ke wuyansa. “Malamai za su taimaka” ba ya ɗaure kowa.

Sai ranakun bita. Dokar Amurka kan ilimin yara masu bukata ta musamman, wadda tushenta ke komawa 1975, ta wajabta a sake duba tsarin yaro aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma sake cikakken gwaji duk shekara uku. Ƙa'idar Ingila ta 2015 ta ce makaranta ta zauna da iyaye aƙalla sau uku a shekara. Waɗannan su ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi. Idan aka jira shekara kafin a gano cewa hanyar da aka ɗauka ba ta ɓullewa, yarinya 'yar shekara 9 ta yi asarar shekarar da ba za ta dawo ba. Saboda haka a tsarinta za a rubuta ranaku biyu tun ranar farko, da kwanan wata da sa'a: ƙarshen mako na 6 da ƙarshen mako na 12. Tsakaninsu kuma awon minti ɗaya a kowane mako, rana guda, da sabon rubutu mai nauyi iri ɗaya.

Ana zana sakamakon a takarda mai layuka. A sa ɗigo a kan 38 a farko, a sa wani a kan 50 a mako na 12, a ja layi miƙaƙƙe tsakaninsu. Wannan layi yana faɗin inda ya kamata ta kasance kowane mako: 39, 40, 41, 42, 43, 44 a makonni shidan farko. Tun kafin a fara ake amincewa da ƙa'idar yanke hukunci, wadda aka fi amfani da ita kuwa ita ce: idan ɗigo huɗu a jere suka faɗi ƙasan layin, dole a canza wani abu, idan huɗu a jere suka hau samansa, a ɗaga burin. Ɗigo ɗaya ba ya nuna komai, domin yaro kan zo da mura ko rashin barci.

A ce sakamakonta ya zo haka: 38, 40, 39, 40, 39, 41. Daga mako na 3 zuwa na 6 duk tana ƙasan layi. Abin da zuciya ke saurin rayawa shi ne yarinyar ba ta ƙoƙari, ko kuma burin ya yi yawa a rage shi. Tambayar da ya kamata ta riga waɗannan ita ce: an yi abin da aka rubuta kuwa? Darasi 4 a mako na mako 6 ya kama 24. Aka buɗe rajistar darasi, sai aka tarar 15 aka yi. Sauran sun tafi a ranakun da aka janye malamar zuwa wani aji, da ranakun da lokacin ya ci karo da wasanni. Ba za a ce magani bai yi aiki ba alhali ba a sha shi yadda aka rubuta ba. Wannan ne ya sa rajistar darasi, mai layi ɗaya ga kowane zama, take da daraja ɗaya da takardar ɗigo.

Zaman bitar zai kuma duba sauran lambobin. Kalmomi marasa ma'ana sun tashi daga 6 zuwa 11, kurakuranta a minti sun sauko daga 4 zuwa 2. Wato koyarwar tana kamawa. Yarinyar da ta daina cinke ta koma bin haruffa takan rage gudu na ɗan lokaci, domin yanzu ne take karatun na gaskiya. Daidaito ne ke fara zuwa, sauri ya biyo baya, kuma a disleksiya saurin shi ne ya fi jinkirin zuwa. Da a ce an yi darasi 24 cif, kalmomi marasa ma'ana kuma suna nan a 6 ko 7, da labarin ya sha bamban. Sai a ce matakin da aka fara ya yi mata nisa, a koma baya zuwa aikin sauti da baki kawai, a rage rukunin ko a mai da shi ita kaɗai, a kuma nemi ƙwararre ya sake dubawa.

Hukuncin mako na 6 ya zama abu biyu, ba fiye ba, domin idan aka canza abu biyar a lokaci guda ba za a san wanne ya yi aiki ba. An mai da darasin farkon safiya, an kuma ambaci wanda zai maye gurbi ranar da malamar ba ta nan. An ƙara minti 10 na maimaita karatu a gida: gajeren rubutu da ta riga ta iya, babba ya karanta mata sau ɗaya, ita ta karanta sau uku. Ba a taɓa burin ba. Mahaifiyarta ta kawo rahoton cewa kukan aikin gida ya ragu. Ita kuma yarinyar ta ce malamin kimiyya har yanzu yana sa ta kwafe allo, aka bincika aka tarar shafin sassaucin bai taɓa isa hannunsa ba.

A mako na 12 rajista ta nuna darasi 22 cikin 24 na makonni shidan ƙarshe. Ta karanta kalma 47 daidai a minti, da kuskure 2, wato kusan kashi 96. Kalmomi marasa ma'ana 17 a gwaji ɗaya, 16 a na biye. Shifta 12. Buri na farko ya cika, sai a rufe shi a buɗe sabo a kan dogayen kalmomi masu gaɓa uku da huɗu da baƙin da ake ninkawa. Na biyu ya rage kalma 3, amma daga 41 zuwa 47 cikin mako shida ƙarin kalma ɗaya ne a mako, daidai gudun da aka nema tun farko, don haka hanyar tana nan yadda take. Tunda daidaitonta ya wuce kashi 95, a sake gwada ta a littafin aji huɗu, a ga ko kashi 78 ɗin nan ya kai 90. Idan ya kai, can awon zai koma. Shifta ce ta fi ja da baya, kamar yadda aka saba gani, sai a ƙara mata minti biyar a kowane darasi. Karanta mata tambayoyi zai ci gaba, domin tazarar da ke tsakanin abin da take ji da abin da take iya karantawa ta ragu ne, ba ta rufe ba. Ƙarin lokaci kuma, wanda a da bai amfane ta ba, yanzu a sake gwada shi da gwaji biyu. Kafin kowa ya tashi daga zaman, a buɗe kalanda a ƙirga mako shida, a rubuta ranar a ƙasan sabon shafin, iyaye su tafi da kwafinsu.